Tushen Kaso a Jadawalin Bincike: Taƙaita Amsoshin Takardun Tambayoyi Domin Rahoton Aiki

Tsakure

Wannan maƙala ta duba matakin da ke tsakanin dawowar takardun tambayoyi daga fagen bincike da rubuta babin sakamako na rahoton aiki, wato mayar da amsoshi zuwa jadawalin ƙidaya da jadawalin gicciye. Hujjarta ita ce, kuskuren da ya fi ɓata irin waɗannan jadawalai yana fitowa ne daga adadin mutanen da aka raba da shi wajen fitar da kaso, kuma an nuna hakan da misali guda na manoman masara wanda aka bi daga farkonsa.

Gabatarwa

Jadawalin ƙidaya shi ne wanda ke ɗaukar tambaya ɗaya ya nuna mutum nawa suka ba da kowace amsa, tare da kasonsu cikin ɗari. Jadawalin gicciye kuwa yana haɗa tambayoyi biyu, amsoshin ɗaya a jere a layuka na kwance, amsoshin ɗayar a ginshiƙai na tsaye, ta yadda kowane gurbi da layi da ginshiƙi suka haɗu zai nuna mutanen da suka ba da amsoshin biyu tare. A dukkan jadawalan biyu, kowane kaso yana da adadin da aka raba da shi, kuma wannan adadi shi ne za a riƙa kira tushen kaso a nan. Manhajar kwamfuta ba ta kuskuren rabawa, amma ba ta san su waye ya kamata a ƙirga a cikin tushen ba, don haka wannan hukunci yana wuyan mai bincike ko ya lura ko bai lura ba. Kason da aka rubuta ba tare da tushensa ba kamar farashin hatsi ne da aka faɗa ba a ce na mudu ba ne ko na tiya.

Alƙaluman da za a yi aiki da su ƙirƙirarru ne domin misali kawai, an kuma zaɓe su yadda mai karatu zai iya bin lissafin da biro da takarda. A ɗauka cewa wani shirin bunƙasa noma ya raba takardun tambayoyi 200 ga manoman masara a garuruwa biyu, 190 suka dawo, aka ware 10 saboda wasu kusan babu komai a cikinsu, wasu kuma maimaici ne na mutum ɗaya, ya rage 180 da za a iya aiki da su. Tun daga nan an sami adadi uku, kuma wajibi ne rahoton ya bayyana su a wuri ɗaya kafin jadawali na farko, domin mai karatu ya san inda ashirin ɗin suka tafi.

Daga takarda zuwa lamba

Kafin a ƙirga komai, ana ba kowace takarda lambarta a rubuce a jikinta, a kuma shigar da wannan lambar a ginshiƙi na farko na allon bayanai, inda kowane mai amsawa yake da layi ɗaya, kowace tambaya kuma take da ginshiƙinta. Amfanin wannan lamba yana fitowa ne ranar da aka ga baƙuwar amsa a jadawali, domin da ita ake komawa cikin tulin takardu a zaro ainihin wadda ake nema. Sannan ana rubuta kundin lambobi, wato 'yar takardar da ke fayyace cewa a tambaya ta 8, wadda ke cewa ko manomi ya shuka ingantaccen irin masara a daminar bara, lamba 1 tana nufin e, 2 tana nufin a'a, 8 tana nufin ban sani ba, 9 kuma tana nufin an bar wurin babu amsa. Raba waɗannan biyu na ƙarshe yana da ma'ana, saboda manomin da ya sayi iri a buɗaɗɗen buhu a kasuwa ya ce bai san ko ingantacce ba ne ya faɗi wani abu game da yadda iri ke yawo, alhali gurbin da aka bari fayau yakan nuna cewa mai tambaya ne ya tsallake.

Jadawalin ƙidaya na farko da za a fitar na dubawa ne, ba shi ake sakawa a rahoto ba. Idan aka ga lamba 11 ko 22 a tambayar da amsoshinta 1 da 2 ne kawai, an san yatsa ne ya danna sau biyu, idan kuma jimilla ta ba da 181 an san an shigar da wata takarda sau biyu. Masu tattara bayanai da waya ta manhajoji irin su KoboToolbox ko ODK sun tsira daga yawancin irin wannan, amma matsalar tushe tana nan tana jiran su kamar kowa.

Jadawalin ƙidaya da kaso uku na amsa ɗaya

Bayan an gyara kurakuran shigarwa, tambaya ta 8 ta ba da wannan sakamako:

| Amsa | Adadi | Kaso daga 180 | Kaso daga 160 |
|---|---|---|---|
| E | 96 | 53.3 | 60.0 |
| A'a | 64 | 35.6 | 40.0 |
| Ban sani ba | 8 | 4.4 | – |
| Babu amsa | 12 | 6.7 | – |
| Jimilla | 180 | 100.0 | 100.0 |

Manoma 96 ɗin nan ba su canja ba, amma kasonsu yana iya zama 53.3 idan aka raba da dukkan takardu 180, ko 57.1 idan aka cire marasa amsa kaɗai aka raba da 168, ko 60.0 idan aka cire masu cewa ba su sani ba ma aka raba da 160. Akwai ma wanda zai raba da 200 da aka raba tun farko ya sami 48.0, kuma wannan kuskure ne tsantsa, domin ya ƙirga takardun da ba su dawo ba tamkar sun ce a'a. Manhajar SPSS, wadda ta fara fitowa a 1968 kuma har yau ake koyar da ita a sassan kimiyyar zamantakewa da ilimi na jami'o'i, tana fitar da biyu daga cikin waɗannan kusa da juna, ɗaya ƙarƙashin `Percent` ɗaya ƙarƙashin `Valid Percent`, sai dai na biyun ba zai cire 8 da 9 ba sai an sanar da ita cewa ba amsoshin lissafi ba ne:

```
MISSING VALUES q8 (8, 9).
FREQUENCIES VARIABLES=q8.
```

Wane kaso za a ɗauka ya danganta da abin da rahoton ke son faɗa. Idan maganar ita ce, cikin waɗanda suka san irin da suka shuka nawa ne suka shuka ingantacce, to 160 ne tushe. Idan kuwa shirin yana son sanin ko manoma na iya bambance iri, to bai dace a ɓoye mutum takwas ɗin nan ba, domin su ne sakamakon. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne a ɗauki 60.0 a shafi ɗaya saboda ya fi daɗin ji, a ɗauki 53.3 a wani shafin, ko a rubuta cewa jimilla 180 ce a kan jadawalin da kasonsa daga 160 aka fitar. Mai duba rahoto yana gane wannan cikin sauƙi: ya raba adadin da kason, ya ninka da ɗari, sai tushen gaskiya ya fito, kamar yadda 96 a raba da 60 a ninka da 100 ke ba da 160. Wani lokaci kuma jimillar kaso takan ba da 99.9 ko 100.1 saboda taƙaita lambobin bayan ɗigo, kuma gara a bar ta a haka da ɗan bayani a ƙasan jadawali da a taɓa wani kaso domin a cike.

Tambaya ta 9 ta fi wannan wuyar sha'ani, domin tana tambayar inda aka samo irin, an umarci mai tambaya ya yi ta ga waɗanda suka ce e kaɗai, an kuma ba manomi damar faɗin wuri fiye da ɗaya. Tushenta ke nan 96, kuma sauran 84 ba ƙin amsawa suka yi ba, tambayar ce ba ta shafe su ba, saboda haka suna buƙatar lambarsu dabam. A ce manoma 48 sun ambaci dillalin kayan gona, 36 kasuwa, 24 shirin tallafi, 12 maƙwabci ko ɗan'uwa, wato amsoshi 120 daga bakin mutum 96. Idan aka raba da mutane, dillali zai sami kashi 50 cikin ɗari, kasuwa 37.5, tallafi 25, maƙwabci 12.5, jimilla ta kai 125, kuma wannan wucewa ɗari ba kuskure ba ne, tana nuna cewa wasu sun samo iri daga wuri biyu. Idan aka raba da amsoshi 120, za a sami 40 da 30 da 20 da 10, jimilla ta tsaya a ɗari cif, amma jimlar da za a rubuta ta canja, domin kashi 40 ɗin na amsoshi ne. Rubuta cewa kashi 40 na manoma suna sayen iri wurin dillali ƙarya ce a wannan misali, rabinsu ne ke yin haka. Ga rahoton aiki kason mutane ya fi amfani kusan koyaushe, tun da mutane shirin ke hulɗa da su, kuma domin a iya fitar da shi sai an ba kowane zaɓi ginshiƙinsa, a sa 1 ga wanda ya ambace shi, 0 ga wanda bai ambata ba.

Amsoshin da suke lambobi ne, kamar shekaru ko girman gona, ana tara su rukuni-rukuni, kuma a nan a kula kada iyakoki su hau juna. Rukunin 20 zuwa 30 da na 30 zuwa 40 sun bar ɗan shekara 30 a tsakiya, ga shi kuwa a wuraren da ba kowa ke da takardar haihuwa ba amsoshi sukan taru a kan 30 da 35 da 40, don haka mutanen da ke kan iyakar suna da yawa. Rubuta 20 zuwa 29 da 30 zuwa 39 yana warware wannan. Haka nan gonar da wani ya faɗa da eka wani da hekta sai an mayar da su ma'auni ɗaya, hekta ɗaya kuwa ta kusa eka biyu da rabi.

Jadawalin gicciye da alƙiblar kaso

Tambayar da shirin ya fi damuwa da ita ita ce ko ziyarar malamin gona tana da alaƙa da shuka ingantaccen iri. Tambaya ta 7 ta tambayi ko malamin gona ya ziyarci manomi, kuma a ɗauka dukkan mutum 160 da suka amsa ta 8 da e ko a'a sun amsa ta 7 ma (a aikin gaske tushen jadawalin gicciye yakan ƙara raguwa, saboda duk wanda ya rasa amsa a ɗaya daga tambayoyin biyu yana fita).

| Ziyarar malamin gona | Ya shuka | Bai shuka ba | Jimilla |
|---|---|---|---|
| An ziyarta | 48 (80%) | 12 (20%) | 60 |
| Ba a ziyarta ba | 48 (48%) | 52 (52%) | 100 |
| Jimilla | 96 (60%) | 64 (40%) | 160 |

Gurbi na farko, mai mutum 48, yana iya ɗaukar kaso uku. A raba da jimillar layinsa, 60, a sami kashi 80. A raba da jimillar ginshiƙinsa, 96, a sami kashi 50. A raba da 160 a sami kashi 30. Dukkansu lissafi ne daidai, amma na farko ne kaɗai ke amsa tambayar shirin. Wanda ya bi ginshiƙi zai ga cewa cikin masu shuka ingantaccen iri rabi an ziyarce su rabi ba a ziyarce su ba, sai ya rubuta cewa ziyara ba ta da wani tasiri, ya manta cewa waɗanda ba a ziyarta ba sun fi yawa tun asali, don haka 48 daga cikin 100 ba daidai yake da 48 daga cikin 60 ba. Ƙa'idar ita ce a fitar da kaso a cikin rukunonin abin da ake zaton shi ne sanadi, sannan a kwatanta rukunonin da juna: kashi 80 na waɗanda aka ziyarta sun shuka, kashi 48 na waɗanda ba a ziyarta ba suka shuka, tazarar maki 32. Manhaja tana iya zuba kason uku duka a kowane gurbi, kuma ana yawan ganin rahotannin da aka kwafo wannan cunkoso yadda yake aka liƙa, abin da ke barin mai karatu ya zaɓi lambar da idonsa ya fara faɗawa a kai. Kaso ɗaya ya isa, tare da adadin da ya fito daga gare shi:

```
CROSSTABS /TABLES=q7 BY q8
  /CELLS=COUNT ROW
  /STATISTICS=CHISQ.
```

Mai aiki da Excel zai sami abu ɗaya ta `PivotTable`, idan ya shiga `Show Values As` ya zaɓi `% of Row Total`.

Domin a auna ko irin wannan tazara za ta iya fitowa daga dacen waɗanda aka zaɓa kawai, ana amfani da gwajin kai-sikwaya wanda Karl Pearson ya gabatar a 1900. Gwajin yana kwatanta abin da aka gani da abin da za a sa ran gani da babu alaƙa ko kaɗan, ana kuma samun wannan adadin tsammani ta ninka jimillar layi da jimillar ginshiƙi a raba da babbar jimilla. A gurbi na farko 60 sau 96 a raba da 160 ya ba da 36, alhali 48 aka gani, sauran guraben kuma 24 da 60 da 40 ne, kowanne da saɓanin 12. Ana ninka saɓanin da kansa, a raba da adadin tsammani, a tara:

```
χ² = 144/36 + 144/24 + 144/60 + 144/40 = 16.0
```

A jadawali mai layi biyu da ginshiƙi biyu, iyakar da aka saba amfani da ita a matakin kashi 5 cikin ɗari ita ce 3.84, kuma 16.0 ta wuce ta nesa, saboda haka da wuya a ce dace ne kawai. Gwajin bai ce ziyara ce ta jawo shukar ba, kuma yana aiki ne bisa sharaɗin cewa an zaɓi masu amsawa ta hanyar ƙuri'a, sharaɗin da ba ya cika idan mai tambaya ya tsaya ga waɗanda ya tarar a ƙofar gidan mai gari.

Tambaya ta uku da ƙananan gurabe

An ce tun farko garuruwa biyu ne, kuma a ɗauka ɗaya yana bakin kwalta da shagon kayan gona, ɗayan kuma yana can ciki, kowanne da manoma 80 cikin 160 ɗin. Ƙara `BY gari` a ƙarshen layin farko na umarnin `CROSSTABS` zai raba jadawalin gida biyu. A garin bakin hanya an ziyarci 50, 45 daga ciki suka shuka, ba a ziyarci 30 ba, 27 suka shuka, wato kashi 90 a kowane ɓangare. A garin ciki an ziyarci 10, uku suka shuka, ba a ziyarci 70 ba, 21 suka shuka, wato kashi 30 a kowane ɓangare. Idan aka tara za a koma ga 48 cikin 60 da 48 cikin 100 na jadawalin baya, amma tazarar maki 32 ta ɓace a cikin kowane gari. Abin da ya faru shi ne malamin gona ya fi zuwa garin da babur ke isa cikin sauƙi, garin nan kuma shi ne inda iri yake samuwa, sai jadawalin haɗe ya ɗora wa ziyara abin da hanya ta yi. Wannan yanayi, inda alaƙa ke ɓacewa ko ta juya baki ɗaya idan aka raba bayanai, ana danganta shi da Edward Simpson, wanda ya yi bayaninsa a 1951. A fagen gaske alaƙa ba ta cika ɓacewa tsaf haka ba, raguwa take yi, amma ko raguwar ta isa ta sauya shawarar da rahoto zai bayar, daga ƙara yawan ziyara zuwa kai iri garin ciki. Sanin wace tambaya ce za a raba da ita ba daga manhaja yake zuwa ba, wanda ya taka garuruwan ya ga hanyar shi ne zai yi tunaninta.

Rabawar tana da tsadarta, domin duk lokacin da aka ƙara tambaya gurabe suna ƙanƙancewa. Kashi 30 na waɗanda aka ziyarta a garin ciki mutum uku ne cikin goma, da ɗaya ya amsa dabam da kason ya koma 20 ko 40. Adadin tsammani na wannan gurbi kuma 10 sau 24 a raba da 80 ne, wato 3, ƙasa da 5 da aka saba ɗauka a matsayin mafi ƙarancin abin da kai-sikwaya ke buƙata, kuma SPSS takan rubuta gargaɗi a ƙasan sakamakon tana faɗin gurabe nawa suka gaza wannan adadi. A jadawali mai gurabe huɗu ana komawa ga gwajin Fisher, a wanda ya fi haka girma kuma ana haɗe rukunoni masu ma'ana kusa, kamar haɗa sakandare da gaba da sakandare a tambayar matakin ilimi, matuƙar an bayyana hakan. Rahoton Binciken Yawan Jama'a da Lafiya na Nijeriya na 2018, wanda Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar, yana bin tsarin da ya cancanci a kwaikwaya: kason da ya fito daga mutum 25 zuwa 49 ana sa shi cikin baka domin a karanta shi da hattara, wanda tushensa bai kai 25 ba kuma ba a buga shi, ana sa alamar tauraro a gurbinsa. Bisa wannan ma'auni, kashi 90 na mutum 30 da ba a ziyarta ba a garin bakin hanya zai shiga baka, layin mutum goma na garin ciki kuwa za a rubuta shi da adadi kawai, uku cikin goma, a kuma faɗa a ƙasan jadawalin cewa waɗanda aka ziyarta a can sun yi kaɗan da za a yanke hukunci a kansu.